Kowace awa, kowane dare, ko nan take: yadda ake zaɓar lokacin daidaita bayanai

Duk kamfanin da ke aiki da manhaja fiye da ɗaya, wata rana sai ya ci karo da wannan tambayar: bayanan da ke rumbun nan, sau nawa za a kwafe su zuwa rumbun can? Idan ka tambayi mai kamfani, amsarsa ɗaya ce, yana son komai nan take. Idan ka tambayi injiniyan da za a tasa daga barci in abu ya lalace, zai ce a bari sai dare. Mai kula da kuɗi kuwa ba ya shiga zancen sai ƙarshen wata, lokacin da takardar biyan kuɗin saba, wato kwamfutar da manhajojin ke aiki a kanta, ta iso. Dukkansu suna da hujja, amma tambayar da suke amsawa tun farko ba a yi ta daidai ba. Ba kamfani ake zaɓa wa lokacin daidaitawa ba, kowane irin bayani ake zaɓa wa nasa, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne shawarar da wani zai yanke da wannan bayanin, da asarar da za a yi idan ya yanke ta da tsohon labari.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce akwai wani dillalin kayan masarufi a Kano mai shaguna shida. Kowane shago yana da na'urar sayarwa da ke tura ciniki zuwa babban rumbun bayanai na PostgreSQL. Yana kuma da shagon intanet a kan Shopify, sannan akwai rumbun rahotanni a Snowflake inda akanta ke duba riba da faɗuwa. A ce kayansa kala 40,000 ne, shagunan suna buɗe awa 12 a rana, kuma a rana guda ana samun motsin kaya sau 9,000, wato an sayar, an dawo da shi, ko an shigo da sabo. Waɗannan alƙaluman na misali ne, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu. Abubuwa uku ne ke buƙatar tafiya daga wani wuri zuwa wani: yawan kayan da suka rage, shaidar biyan kuɗi, da jimillar ciniki don rahoto.

Tsufan bayani ya fi abin da ake zato

Mutane kan ce "muna daidaitawa kowace awa" kamar hakan na nufin bayanin bai wuce awa guda da tsufa ba. Lissafin ba haka yake ba. Idan aikin yana tashi kowace awa kuma yana cin minti huɗu, cinikin da aka yi daƙiƙa guda bayan aikin ya karanta rumbu zai jira awa cikakkiya, sannan ya ƙara minti huɗu kafin ya isa. A matsakaici, jiran rabin tazarar ne da lokacin aikin, kimanin minti 34. Mafi muni kuma minti 64. Wannan idan komai ya tafi lafiya ke nan. Idan aiki ɗaya ya faɗi saboda sadarwa ta yanke, sai mafi munin ya koma awa biyu da minti huɗu.

A aikin dare, wannan lissafin na ƙarshe shi ne abin tsoro. Aikin awa-awa yana gyara kansa, idan na ƙarfe goma ya faɗi, na sha ɗaya zai kwashe abin da aka bari, wataƙila ma babu wanda zai lura. Aikin dare kuwa dama ɗaya gare shi a rana. In ya faɗi ƙarfe biyu na dare kuma ba a sa shi ya sake gwadawa ba, akanta zai buɗe rahoto da safe ya tarar da na shekaranjiya, kuma idan babu wanda ya sake tada aikin da hannu, tsufan zai iya kaiwa awa 48. Saboda haka duk wanda ya zaɓi dare, to ya zaɓe shi tare da sake gwadawa sau biyu ko uku kafin asuba, da saƙon gargaɗi da zai iske mutum kafin a buɗe ofis.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa da shi. Bayani ba ya fin tushensa sabunta. Idan shagon da ke bayan gari yana rasa sadarwa na awa uku kullum da rana, na'urarsa tana tara ciniki sai layi ya dawo ta turo, to babban rumbun ma da kansa tsohon labari yake riƙe da shi game da wannan shagon. Gina tsarin da ke aika canji cikin daƙiƙa biyu daga babban rumbu zuwa Shopify ba zai gyara wannan ba, zai dai isar da tsohon labarin da sauri. Kafin a kashe kuɗi a kan kowane mataki, a fara auna matakin da ya fi jinkiri a duk hanyar.

Nauyi: abin da ake ɗauka ya fi sau nawa ake ɗauka muhimmanci

Shopify, kamar yawancin masu ba da irin wannan hidima, yana iyakance yawan buƙatun da za a aiko masa. A tsohuwar ƙofarsa ta REST, ƙa'idar da aka saba da ita ita ce buƙata biyu a daƙiƙa, tare da rarar 40 da ake iya zubawa a lokaci guda. Wanda ya wuce haka sai a mayar masa da lambar `429`, ma'ana ya saurara. Mu yi lissafi da wannan adadin. Idan dillalinmu zai aika yawan kowane kaya ɗaya bayan ɗaya, kala 40,000 za su ci daƙiƙa 20,000, wato awa biyar da rabi da 'yan mintuna. Ka ga kwafe komai kowace awa ba ma zai yiwu ba, na farko ba zai gama ba na biyu zai taso, na uku ya hau kansu. Da dare kuwa zai shiga, da ƙyar.

To amma ba duk kayan ne ke motsi ba. A cikin motsi 9,000 na rana, da yawa a kan kaya iri ɗaya suke faɗawa, sukari da man girki da taliya ana ta sayensu daga safe har dare. A ce kala 3,000 ne kawai suka canza a ranar. Idan da dare ake aikawa, buƙata 3,000 ce, minti 25. Idan kowace awa ce, sukarin da aka saya a kowace awa za a aika shi sau 12 maimakon sau ɗaya, sai jimillar ta hau, a ce kala 450 a awa, 5,400 a rana, kowane aiki bai kai minti huɗu ba. Idan kuwa nan take ne, kowane motsi saƙonsa daban, 9,000 cif. Wannan shi ne asalin cinikin da ake yi: duk lokacin da aka jira, canje-canje suna haɗuwa su zama ɗaya, duk lokacin da aka matsa, sai a biya kuɗin kowanne shi kaɗai.

Ɗaukar abin da ya canza kawai yana da tarkonsa, kuma a nan ne aikin awa-awa ya fi cutar da mutane ba tare da sun sani ba. Hanyar da aka saba ita ce kowane layi a tebur yana da `updated_at`, wato lokacin da aka canza shi na ƙarshe, aikin kuma yana tuna lokacin da ya tsaya, sai ya ce a ba shi duk abin da ya canza bayan nan. Matsalar ita ce a PostgreSQL, `now()` yana ba da lokacin da aka fara ma'amala, wato tarin canje-canjen da ake adanawa a dunƙule, ba lokacin da aka kammala ta ba. A ce ma'aikacin sito ya fara shigar da kayan mota guda ƙarfe 9:58, ma'amalar ba ta kammala ba sai 10:02. Layukan duk suna ɗauke da 9:58. Aikin ƙarfe 10:00 bai gan su ba domin ba a kammala ba tukuna. Aikin ƙarfe 11:00 kuma yana neman abin da ya wuce 10:00, su kuwa 9:58 ne a jikinsu. Sun faɗa tsakani ke nan, babu kuskuren da zai fito a allo, kayan dai za su zauna a sito shagon intanet yana cewa sun ƙare. Maganin da aka saba shi ne a riƙa komawa baya kaɗan:

```sql
SELECT sku, qty, updated_at
FROM stock
WHERE updated_at > :last_run - interval '10 minutes';
```

Wannan yana nufin wasu layuka za a aika su sau biyu, don haka dole saƙon ya zama irin wanda maimaita shi ba ya ɓarna. A aika "saura 17", kada a aika "a rage 3". Na farko ko sau goma ya iso, amsa 17 ce. Na biyu in ya iso sau biyu, an yi asarar uku a takarda. Sannan wannan hanyar ba ta ganin layin da aka goge gaba ɗaya, tunda abin da babu shi ba shi da `updated_at`. Ko dai a daina gogewa a riƙa sa alama a `deleted_at`, ko a riƙa cikakken kwatance lokaci-lokaci, wanda za mu zo kansa.

Game da tada aikin kuwa, abu biyu ƙanana suna rage ciwon kai. Kada a sa shi daidai kan awa, domin kowa a duniya minti na sifili yake zaɓa, sabobin masu hidima sun fi cunkoso a lokacin. Kuma a kulle ƙofa don kada aiki biyu su haɗu:

```
7 7-21 * * * flock -n /tmp/stock.lock /opt/sync/stock.sh
```

Wannan layin na `cron` yana tada aikin minti bakwai bayan kowace awa daga bakwai na safe zuwa tara na dare, sau 15 maimakon 24, tunda babu amfanin tambayar rumbu me ya canza ƙarfe uku na dare alhali shaguna a rufe suke. `flock -n` kuma yana sa sabon aiki ya haƙura idan na baya bai gama ba. A duba agogon sabar ma. Yawancin sabobin haya a kan UTC suke, Najeriya da Nijar kuwa suna gaba da awa guda, don haka bakwai a wannan layin takwas ce a Kano idan ba a gyara ba. Sa'armu ɗaya, ba ma canza agogo da rani da damina kamar Turai da Amurka, inda aikin da aka sa tsakiyar dare yana iya tsallakewa ko ya maimaitu ranar da aka juya agogo.

Inda kuɗin yake tafiya

A ɓangaren rahotanni ne kuɗi ya fi fitowa fili. Snowflake yana cajin injin lissafinsa da daƙiƙa, amma duk lokacin da injin ya farka, mafi ƙarancin caji daƙiƙa 60 ne, ko da aikin na daƙiƙa goma ne. Mafi ƙanƙantar injin, wanda suke kira X-Small, yana cin kiredit ɗaya a awa, kiredit kuwa shi ne ma'aunin da suke caji da shi. A ce lodin dare na dillalinmu yana cin minti huɗu. A wata, awa biyu ke nan. Idan aka mayar da shi kowace awa, kowane lodi ƙarami ne, daƙiƙa 20 wataƙila, amma za a caje shi minti guda, minti 24 a rana, awa 12 a wata. Bayanan ba su ƙaru ko da layi ɗaya ba, kuɗin ya ninka shida. Idan wani ya ce a yi kowane minti biyar, ya zama awa 144 a wata.

Har yanzu ma ba mu sa lokacin zaman banza ba. Injin ba ya kwanciya da zarar ya gama, yana jiran adadin daƙiƙun da aka sa a `AUTO_SUSPEND`, kuma idan ba a taɓa shi ba yana zuwa ne da 600, wato minti goma. Aikin da ke zuwa kowane minti biyar ba zai taɓa barin irin wannan injin ya kwanta ba, sai ya kwana ya wuni a kunne, awa 720 a wata. Daga awa biyu zuwa 720, don rahoton da akanta ke buɗewa sau ɗaya da safe, mai kamfani kuma ya duba ranar Asabar.

Shi ya sa a ganina rahoton ciniki ba shi da wata muhawara, dare ne wurinsa. Ba don arha kaɗai ba. Rahoton da ke canzawa tsakar rana yana haddasa gardama, manajan shago ya kawo lamba ƙarfe sha ɗaya, akanta ya kawo wata ƙarfe biyu, kowa kuma gaskiyarsa ya faɗa. Lodin dare yana ba da rana rufaffiya, an gama dawo da kaya, an gama gyaran kuskuren masu karɓar kuɗi, lambar jiya ta tsaya wuri ɗaya. Idan mai kamfani ya nace yana son ganin cinikin yau a wayarsa, a yi masa ƙaramar tambaya guda da ke ƙirga jimillar yau daga kwafin babban rumbu, ba sai an tada duk rumbun rahotanni saboda lamba ɗaya ba.

Nan take, da abin da ke biyo bayansa

Shaidar biyan kuɗi ita ce kishiyar rahoto. Mai saye ya tura kuɗi, yana tsaye da waya a hannu yana jiran a ce an karɓa. Minti 34 a nan ba jinkiri ba ne, rasa ciniki ne, ko kuma ya sake biya a zaton na farko bai shiga ba, a koma rigimar mayar da kuɗi. Wannan bayanin dole ya zo a lokacin da abin ya faru, kuma masu karɓar kuɗi irin su Paystack da Stripe sun tanadi hanyar, ita ce `webhook`: da zarar an biya, sabarsu ta kira adireshin da ka ba su ta sanar da kai.

Sai dai wanda ya koma wannan tsarin ya san cewa ya sauya irin matsalolinsa ne, bai rabu da su ba. Saƙo yana iya zuwa sau biyu, domin idan sabarka ta karɓa amma amsarta ta ɓace a hanya, mai aikawa zai ɗauka bai isa ba ya sake turowa. Saƙonni suna iya zuwa a hargitse, Stripe ma ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin jeranta su ba, don haka labarin mayar da kuɗi yana iya riga labarin biyansu isowa. Kuma saƙo yana iya ɓacewa ɗungurungum. Stripe yana sake gwadawa har kwana uku idan sabarka ba ta amsa ba, bayan nan ya haƙura. Idan takardar tsaron adireshinka ta ƙare ranar Alhamis da yamma ana shirin hutun Sallah, babu wanda ya duba sai Talata, akwai saƙonnin da ba za su sake zuwa da kansu ba.

Abin da ake yi sananne ne, amma aiki ne. A ajiye lambar kowane saƙo a tebur mai hana maimaici, wanda aka taɓa gani a yi watsi da shi. A amsa da `200`, ma'ana an karɓa, da wuri a jefa saƙon cikin jerin jira, wani aikin daban ya sarrafa shi. Idan jerantawa na da muhimmanci, kada a dogara da abin da ke cikin saƙon, a ɗauke shi a matsayin ƙwanƙwasa ƙofa kawai, a koma wurin mai aikawa a tambayi halin da cinikin yake ciki yanzu. Kowanne daga cikin waɗannan sai an rubuta, an gwada, an kuma sa masa ido, kuma wannan shi ne ainihin tsadar nan take. Ba ta cika fitowa a takardar kuɗin saba ba, a lokacin injiniya take fitowa.

Wasu sukan so su yi wa yawan kaya irin wannan gatan ta hanyar karanta littafin canje-canjen PostgreSQL kai tsaye, da Debezium da Kafka ko makamantansu. Hanya ce mai kyau, tana ganin gogewa, kuma ba ta da matsalar 9:58 da muka gani. Amma tana da wani haɗari da ya kamata ƙaramin kamfani ya sani tun kafin ya fara. PostgreSQL yana riƙe fayilolin wannan littafin, waɗanda ake kira WAL, har sai mai karantawa ya tabbatar ya karɓa. Idan mai karantawar ya mutu babu wanda ya lura, fayilolin za su yi ta taruwa har faifan ya cika, babban rumbun ya tsaya, shaguna shida su kasa sayar da ko ashana. Wato aikin kwafi da ya lalace ya kayar da uwar garke. Tun daga PostgreSQL 13, wanda ya fito a 2020, akwai `max_slot_wal_keep_size` da ke sa iyaka, amma idan aka kai iyakar mai karantawa ya rasa wurinsa, sai an sake kwafe komai daga farko. Wanda ba shi da mutumin da zai riƙa duba `pg_replication_slots`, inda ake ganin halin da mai karantawar yake ciki, gara ya tsaya a kan `cron`.

Ga kuma batun ambaliya. Motsi 9,000 a awa 12 saƙo ɗaya ne a kusan kowace daƙiƙa biyar, nesa da iyakar biyu a daƙiƙa. Amma ranar da farashi ya tashi mai kamfani ya ce a ƙara wa komai kashi biyar cikin ɗari, saƙo 40,000 za su faɗa jerin jira a minti guda, su ci awa biyar da rabi kafin su fita. Duk cinikin da aka yi a wannan tsakanin yana bayansu a jere. Tsarin da aka gina don ya isar da labari cikin daƙiƙu ya koma baya da na awa-awa, kuma a ranar da aka fi buƙatarsa. Sai an raba jeri biyu, na yawan kaya daban, na farashi da sauran manyan gyare-gyare daban.

To yawan kaya fa?

Wannan shi ne mai wuyar, kuma amsar ba ɗaya daga cikin ukun ba ce zalla. A tambayi abin da tsufan ke jawowa: a sayar wa mutum a intanet abin da wani ya riga ya ɗauka a shago. Wannan ba ya faruwa da kowane kaya. Katan ɗin taliya da ya rage 500 ana sayar da 20 a awa, ko bayaninsa ya kwana babu abin da zai faru, 500 ko 260 duk "akwai" ne a wurin mai saye. Haɗarin yana kan kayan da ya rage uku kuma ana ɗaukar biyu a awa. Shi kam awa guda ta yi masa yawa.

Saboda haka abin da zan zaɓa wa dillalin nan shi ne aikin awa-awa na abin da ya canza, ga duk kaya, sannan a ƙara ƙa'ida guda: duk cinikin da ya sauko da kaya ƙasa da wani adadi, a ce biyar, a aika shi nan take. Irin waɗannan saƙonnin kaɗan ne a cikin 9,000, ba za su cika jeri ba, kuma idan ɗaya ya ɓace aikin awa zai kwashe shi. Akwai ma hanyar da ta fi wannan arha ga wanda bai shirya gina komai ba: a riƙa nuna wa shagon intanet adadin da ya gaza na gaskiya da biyu ko uku. Za a rasa ɗan ciniki a kan ragowar ƙarshe, amma ba za a kira mai saye ana ba shi haƙuri ba. Wanne ya fi, lissafin riba ne ba na injiniya ba, mai kamfani ne zai faɗi nawa soke oda ɗaya ke jawo masa, da kuɗin mayarwa da ɓacin ran mai saye.

Duk abin da aka zaɓa, aikin dare ba ya fita daga tsarin, aikinsa ne ke canzawa. Maimakon ya zama mai kai bayani, sai ya zama mai bincike. Ƙarfe biyu na dare ya jawo jerin kayan Shopify shafi-shafi, wanda karantawa ce mai sauƙi tunda shafi guda yana ɗaukar har kala 250, ya kwatanta da babban rumbu, ya gyara waɗanda suka saɓa kawai. Haka ma kuɗi, ya jawo jerin cinikin jiya daga mai karɓar kuɗi ya duba ko akwai wanda saƙonsa bai iso ba. Kamar ɗan kasuwa ne da ke rubuta ciniki duk wuni amma ba ya rufe shago sai ya ƙirga kuɗin aljihun tebur. Adadin da wannan binciken ke gyarawa kowane dare shi ne ma'aunin lafiyar sauran tsarin. Idan kullum biyu ne ko uku sai wata rana ya zama 300, wani abu ya karye da rana ko da babu ƙararrawar da ta buga.

Ƙararrawar ma a sa ta a inda ya dace. Yawanci ana sa ido ne a kan ko aiki ya gama lafiya, amma aikin da kalmar sirrinsa ta sauya ko tambayarsa ta lalace yana iya dawo da layi sifili ya ce ya yi nasara. A tsarin nan take kuma shiru yana da fuska biyu, ko babu ciniki ko bututun ya toshe. Abin da ya kamata a auna shi ne shekarun bayani a inda ya sauka. A sa wani layi na gwaji a babban rumbu da ake sabunta lokacinsa kowane minti biyar, ya bi hanyar da sauran ke bi, sannan a can ƙarshe a riƙa duba tazarar da ke tsakanin lokacin da ke jikinsa da agogon yanzu. Ga aikin awa-awa, in tazarar ta wuce awa biyu da kwata a lokacin kasuwa, aiki biyu ke nan sun faɗi a jere, a kira mutum. Ga jerin nan take, minti goma sha biyar ya isa. Ga na dare, a duba ƙarfe biyar na asuba, domin in ya faɗi a sami awa biyu ko uku na sake lodawa kafin akanta ya zauna a kujerarsa.